Ingausa a Bakin Ɗalibai: Inda Masu Nazarin Harshe Ke Tono

Wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar ɗakin lacca a Jami'ar Bayero da ke Kano, ko a Ahmadu Bello ta Zariya, ko a Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, a daidai lokacin da ɗalibai ke tururuwar fitowa, ya san irin zancen da kunnensa zai kwasa. Wani na ce wa abokinsa, "Kai, ban yi sabmitin ɗin asainmen ɗina ba, kuma gobe ne dedlayin." Wata kuma na ce wa ƙawarta, "Akcuwali ban yi andastandin ɗin lakcaran nan ba, ki yi kolin ɗina da daddare mu yi bita." An rubuta kalmomin Turancin a nan kamar yadda suke fitowa daga bakin masu faɗa.

Mutanen gari sun daɗe da raɗa wa wannan salon magana suna, wato Ingausa, kuma galibi ba da yabo ake kiran sunan ba. Dattijo ya ji ya ce 'yan boko sun ɓata Hausa, malamin Turanci ya ji ya ce yara sun kasa Turanci. Shi kuwa mai nazarin harshe, da ya ji jumlar farko, wasu tambayoyi ne za su taso masa. Me ya sa yaron ya ce "yi sabmitin" bai ce "na sabmit" ba? Daga ina "ɗin" ya fito har sau biyu? Me ya sa "ban" da "ba" suka kewaye Turancin kamar katanga? A amsoshin irin waɗannan tambayoyi ne ake samun kundin digiri mai ma'ana.

Duk shekara, a sassan Hausa da Turanci da na kimiyyar harshe, ana samun ɗaliban ajin ƙarshe da ke kai wa malamai take guda: "Surka Hausa da Turanci a tsakanin ɗalibai." Taken ba laifi ba ne, sai dai gona ce mai faɗin da mutum ɗaya ba zai iya nomewa a damina ɗaya ba. Akwai aƙalla bincike huɗu daban-daban a cikinsa, kowanne da kayan aikinsa.

Aro ne ko surki?

Kafin a ƙirga komai, sai an san abin da ake ƙirgawa. A nan ɗalibai da yawa ke yin tuntuɓen farko. Mutum ya ji "mota" da "tebur" da "ofis" da "makaniki" a cikin hira, sai ya lissafa su duka a matsayin Turanci. Alhali tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana cewa "mota", kuma ba ta san daga wani harshe kalmar ta zo ba. Wannan aro ne, kalmar ta riga ta zama Hausa, kamar yadda "littafi" da "alƙalami" suka zo daga Larabci suka zauna. Surki kuwa sai mai jin harsunan biyu, domin a lokacin da yake maganar ne yake miƙa hannu cikin Turanci ya ɗebo.

Akwai gwaje-gwaje da ake yi wa kalma don a gane ɓangaren da take. Na farko shi ne lafazi. Hausa ba ta son baƙaƙe su cunkushe a farkon kalma ba wasali a tsakani, shi ya sa aka samu "burodi" da "firamare" da "sukuddireba". Kalmar da aka gyara mata gaɓoɓi haka ta yi nisa a hanyar zama 'yar gida. Na biyu shi ne jam'i. Ɗalibin da ya ce "laccoci" ko "ofisoshi" ko "kwasa-kwasai" ya ɗinka wa kalmar rigar Hausa. Wanda ya ce "lekcas" ko "kwasis" ya kawo ta da rigarta ta Turanci. Na uku shi ne a duba ko wanda bai yi boko ba yana amfani da ita, kuma ko ta shiga ƙamus, kamar na Bargery na 1934 ko Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006.

Daɗin wannan maudu'i shi ne gwaje-gwajen ba kullum suke haɗa baki ba. A ɗauki "asainmen". Ba a ba ta jam'in Hausa ba, ɗan kasuwa bai cika faɗarta ba, amma ɗalibi zai iya yin shekara huɗu yana faɗarta kullum ba tare da ya taɓa cewa "aikin gida" ba. A wurinsa ita ce kalmar abin. To aro ce ko surki? Ɗalibin da ya tattara kalmomin makaranta hamsin irin su "semista" da "tes" da "rizalt" da "keri-oba", ya bi kowacce da gwaje-gwajen uku, ya nuna waɗanda suka zauna da waɗanda ke bakin ƙofa, ya yi bincike cikakke.

Jinsi ma wani fage ne a nan. Turanci ba ya raba kayan amfani zuwa namiji da mace, amma Hausa ba ta barin suna tilo ya wuce ba ta ba shi jinsi ba. Ɗalibai na cewa "semistar nan ta yi tsawo" da "kalkuletar ta lalace", amma "rizalt ya fito" da "tes ɗin ya yi wuya". Dokar da ta sa yawancin sunayen Hausa masu ƙarewa da wasalin "a" suka zama mata ita ce ke aiki a kan baƙuwar kalma. Sai an zo kan mutum dokar ke ja da baya: "lakcara" na ƙarewa da "a", amma ana cewa "lakcaran ya zo" ko "lakcarar ta zo", gwargwadon wanda ya shigo ajin.

Wa ke riƙe da linzamin jumla?

Maudu'i na biyu ya shafi ginin jumla, kuma nan ne aka fi samun abin mamaki. A 1980 wata masaniya mai suna Shana Poplack ta wallafa bincike a kan 'yan asalin Fotoriko mazauna unguwar Harlem ta Gabas a birnin New York, masu surka Sifaniyanci da Turanci. An naɗi hirar mutum 20 ta tsawon awa 66, aka tsamo wurare 1,835 da aka sauya harshe. Abin da ta gano ya rushe zaton da aka daɗe ana yi. Waɗanda suka fi ƙwarewa a harsunan biyu su ne suka fi sauya harshe a tsakiyar jumla. Masu raunin Turanci kuwa sun fi jefa 'yan kalmomin cike gibi a gefen zance, irin abin da ɗalibin Kano ke yi da "akcuwali" ko "eniwe" ko "yu no". Daga aikinta aka saba raba surki gida uku: na cike gibi, da na tsakanin jumla da jumla, da na cikin jumla ɗaya.

Poplack ta kuma ce sauyin ya fi aukuwa a inda jerin kalmomin harsunan biyu ya yi daidai. Hausa da Turanci duka suna fara da mai aiki, sai aikin, sai wanda aikin ya faɗa wa, saboda haka mashigai suna da yawa. Amma akwai inda suka raba hanya. Bahaushe na cewa "kwas uku", adadi a baya, Bature kuma adadi yake sakawa a gaba. A irin wannan wuri ne ake ganin wanda ke da iko.

Carol Myers-Scotton, wadda ta yi aiki a kan Sawahili da Turanci a Nairobi ta kuma fitar da littattafai biyu a 1993, ta ba da bayanin da ya fi dacewa da abin da ake ji a makarantun Arewa. A ganinta harsunan biyu ba kunnen doki suke yi a cikin jumla ba. Ɗaya ne mai gida, shi ke ba da jerin kalmomi da ƙananan sassan nahawu, irin su alamar lokaci da korewa da mallaka. Ɗayan baƙo ne, kalmomi masu ɗauke da ma'ana kawai yake kawowa, a zaunar da su inda mai gida ya nuna. Tun kafin littattafan nata, Rufa'i Madaki ya rubuta kundin digirinsa na uku a Amurka a 1983 a kan surkin Hausa da Turanci, saboda haka ɗalibin yau ba a fili fetal yake fara gini ba.

A koma ga jumlar yaron nan: "Ban yi sabmitin ɗin asainmen ɗina ba." Korewa ta Hausa ce, lokaci na Hausa ne, mallaka ta Hausa ce. Turanci kalma biyu kawai ya kawo. Abin da ya fi jan hankali shi ne yadda aka yi da aikatau na Turanci. Ba a bar shi ya tsaya da ƙafarsa a matsayin aikatau ba. An kawo shi da ƙarshensa na "in", aka mai da shi suna, aka jingina shi ga "yi", daidai yadda Bahaushe ke cewa "na yi magana" ko "na yi aiki".

Akwai shaida biyu da ke nuna cewa a matsayin suna Hausa ta karɓe shi. Ta farko, idan aikin na gudana, "yi" na ɓacewa: ana cewa "na yi ridin" amma "ina ridin", kamar "na yi magana" da "ina magana". Ta biyu, wanda aikin ya faɗa wa yana zuwa ne da sigar mallaka. Ɗaliba za ta ce "ya yi kolin ɗina", kamar yadda za ta ce "littafina", ba za ta ce "ya yi kolin ni" ba. Shi kuwa "ɗin", Hausa ta daɗe tana amfani da shi wajen liƙa mallaka ga kalmomin da ba su da wasalin da za a rataya wa "n" ko "r", kamar "karas ɗin" ko "fensir ɗina". Kalmomin Turanci da yawa da baƙi suke ƙarewa, sai "ɗin" ya samu aiki ba hutu.

Babu malamin da ya taɓa koyar da wannan a aji. Amma ɗalibin Katsina da na Bauchi da na Gusau duk haka suke yi, kuma idan wani ya ce "na sabmit asainmen" kunnuwansu za su ji wani banbaraƙwai.

Wani lokaci kuma baƙon na shigowa da ɗan gungunsa, a bar shi ya bi dokar gidansu a cikin gungun kawai. "Kwas ɗin tu kiredit yunit ne." A cikin "tu kiredit yunit" adadi na gaba, yadda Turanci ke so, amma da an fito daga gungun sai "ne" ta Hausa ta rufe jumlar. Lambar waya da lambar rajista da matakin aji suna yawan zuwa a irin wannan siga, alhali cinikin tumatur a bakin ƙofar makaranta da adadin Hausa ake yin sa. Wannan kaɗai ya isa taken kundi: wane adadi ɗalibi ke faɗa da Hausa, wane kuma da Turanci.

Me ya sa a nan, kuma da wa?

Maudu'i na uku ya bar jumla ya koma kan mutane, wato fannin da ake kira walwalar harshe. Tushensa na komawa ga binciken Jan-Petter Blom da John Gumperz na 1972 a wani ƙaramin gari na ƙasar Norwe mai suna Hemnesberget. Sun lura cewa mutum zai shiga ofishin hukuma ya gaisa da ma'aikaci, su tambayi lafiyar iyali da karin harshen garinsu, amma da an zo kan abin da ya kawo shi sai su koma daidaitaccen harshen ƙasa. Mutanen ba su canza ba, wurin bai canza ba, dangantakar da ake nunawa ce ta canza.

Duk wanda ya yi karatu a Arewa ya ga irin wannan. Ɗalibi zai shiga ofishin malami ya ce, "Salamu alaikum, Malam, barka da aiki, ya iyali?" Sai ya gyara tsayuwa ya gabatar da ƙorafin makinsa da Turanci. Idan ya ga alamar ba za a duba ba, sai ya sauke murya ya dawo gida: "Malam, don Allah a taimaka." Idan malamin ya amsa da Hausa, ƙofa ta buɗe. Idan ya ci gaba da Turanci, ya faɗa wa ɗalibin cewa maganar ta hukuma ce, ba tare da ya furta hakan ba. Myers-Scotton ta bayyana wannan da cewa kowane zama na da harshen da ake sa ran ji, wanda ya kauce masa kuwa da niyya ya kauce, yana neman kusanci ko yana ja da baya.

A littafinsa na 1982, Gumperz ya jera ayyukan da sauya harshe ke yi a cikin hira, kamar kawo maganar wani yadda ya faɗe ta, da maimaita zance don ƙarfafawa, da ware wanda ake nufi a cikin taro. Ana iya gwada kowanne a ɗakin kwanan ɗalibai. 'Yan ɗaki huɗu na hira da Hausa, sai ɗan Inugu ya shigo, zance ya juye Turanci don a shigar da shi. Ya fita, aka dawo. Akwai kuma aikin da ya dace da al'adar kunya: abubuwan da ke da nauyi a bakin Bahaushe, kamar furta soyayya ko ambaton wasu cututtuka da al'amuran jiki, sau da yawa Turanci ake ba su su ɗauka. Wanda ya bi wannan zare a hirar ɗaliban koyon aikin jinya, misali, zai samu abin rubutawa.

Cikin aji ma fage ne. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tsara a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa a farkon firamare, daga baya Turanci ya karɓa. A aikace, malamin sakandare a Kazaure ko Malumfashi kan karanta ma'anar abu da Turanci, ya duba fuskokin yara, ya ce "wato", ya warware da Hausa, sannan ya koma Turanci don a rubuta a littafi. Tambayar bincike a nan ita ce a wane mataki na darasi ake sauyawa: wajen bayani, ko wajen tsawatarwa, ko wajen raha, kuma yara da wane harshe suke yin tambaya idan an ba su dama.

Abin da mutum ke faɗa da abin da yake yi

Kundaye da yawa a wannan fanni sun dogara ga takardar tambayoyi. A raba wa ɗalibai ɗari, a tambaye su, "Kana surka Hausa da Turanci? Me ya sa?" Sai a zana jadawali a ce an gano dalilai. Matsalar ita ce mutane ba su san yadda suke magana ba, abin da suke ganin ya dace su faɗa shi suke rubutawa. A binciken Norwe da aka ambata, da aka saka wa mutanen garin hirar da aka naɗa, an samu wanda da farko ya ƙi yarda cewa a garinsu aka ɗauke ta. Wasu daga cikin masu maganar ma ba su ji daɗin jin kansu ba, suka yi alƙawarin dainawa, amma da aka sake zama sai suka koma gidan jiya.

Takardar tambayoyi na auna ra'ayi ne kawai. Idan ra'ayin ake nema, wanda shi ne maudu'i na huɗu, akwai dabarar da ta fi ta. A 1960 Wallace Lambert da abokan aikinsa a Montreal ta Kanada sun sa mutum ɗaya ya karanta zance da Faransanci, ya sake karanta shi da Turanci, suka saka wa masu sauraro a matsayin mutum biyu, suka ce a kimanta hankali da kirki da sauran halayen kowanne. Har masu jin Faransancin sun fifita muryar Turancin a halaye da dama. Ana iya yin haka da murya ɗaya a siga uku, Hausa zalla da Ingausa da Turanci zalla, a tambayi ɗalibai wa za su zaɓa shugaban ƙungiya, wa za su ba ajiyar kuɗi, wa suke ganin ɗan birni ne.

Wanda kuma maganar kanta yake so, dole ya naɗi murya. A nan sai ya ci karo da abin da William Labov ya bayyana a 1972: ana son a ji yadda mutane ke magana idan ba a sa musu ido, amma ba a iya ji sai an sa musu ido. Da an ajiye waya a tsakiyar ɗaki an ce za a ɗauki Ingausa, sai wani ya tsarkake Hausarsa kamar mai karanta labarai a rediyo, wani kuma ya cika Turanci don burga. Poplack ta rage wannan matsala ne ta hanyar samun ɗan cikin al'ummar ya yi naɗin. Ɗalibi na da wannan gata a kyauta, domin abokan ɗakinsa ne. Abin da ake yi shi ne a nemi izininsu tun farko, a faɗa musu hirar yau da kullum ake nazari, a bar na'ura ta daɗe har a manta da ita, a watsar da mintunan farko, sannan a sauya sunayen kowa a cikin kundi. Naɗi a ɓoye cin amana ne, kuma yana iya jefa mai binciken cikin rigima.

Yadda aikin ke tafiya, daki-daki

A ƙaddara wata ɗalibar ajin ƙarshe ta rage takenta ya koma "Yadda aikatau na Turanci ke shiga jumlar Hausa a hirar ɗaliban aji huɗu." Alƙaluman da ke tafe na misali ne kawai, don a ga yadda lissafin ke gudana.

Ta zaɓi mutum 12, shida daga sashen kimiyyar sinadarai, shida daga sashen Hausa, maza da mata daidai. Ta rubuta harshen da kowa ya tashi da shi a gida, domin ba duk mai jin Hausa ne Bahaushe ba, kuma wanda ya tashi da Fulatanci ko Barbarci ko Nufanci na iya bin wata hanya dabam. Ta naɗi awa shida. A nan ta gane dalilin da ya sa malaminta ya hana ta awa ashirin: rubuta hirar awa ɗaya ta mutane da yawa, kalma bayan kalma, na iya cin awa shida zuwa goma. Awa shidanta sun zama aikin awa 36 zuwa 60 kafin a fara nazari.

Wajen rubutawa ta tsai da ƙa'idoji ta rubuta su a babi na uku. "Wallahi" da "insha Allahu" Hausa ce, ba a ƙirga su. Buroka, irin "abeg" da "wetin", harshe ne mai zaman kansa, an ware masa gurbi. Kalmar da aka furta da lafazin Turanci an ja mata layi, wadda aka Hausantar an bar ta.

Ta tsamo duk aikatau mai asali da Turanci, ta samu 240. Daga ciki 180 sun zo da "yi" ko a sigar "ina ridin", wato kashi 75 cikin ɗari. Guda 36 sun zo a cikin cikakkiyar jumlar Turanci, kashi 15. Sauran 24, kashi 10, sun ɗauki ƙirar aikatau na Hausa kai tsaye. Da ta duba waɗannan 24 ɗin sai ta ga kalmomi huɗu ne kacal ke ta maimaituwa: "kwafa" da "faka" da "canza" da "caja". Ana cewa "ya kwafi amsa", "ya kwafe ta", "ya faka mota", "abin ya canzu", "sun caje ni". Waɗannan ba surki ba ne, tsofaffin aro ne da suka koyi juyawa kamar kowane aikatau na Hausa. Ta cire su daga lissafin surki, ta ba su sashe nasu, inda ta nuna cewa "faka" da "yi fakin" suna zaune tare a bakin mutum ɗaya.

Sai tarko na farko. Jadawali ya nuna wani ɗalibi shi kaɗai ya samar da 90 daga cikin 240, wata kuma 20 kawai. Da gaggawa sai a ce shi ne gwanin surki. Amma shi sarkin surutu ne, ya furta kalma 6,000, ita kuwa 1,000. Idan aka auna a kan kowace kalma dubu, nasa 15 ne, nata 20. Ashe ita ta fi shi. Kundin da ya kawo jimilla ba tare da ya faɗi yawan maganar kowa ba, ana gane rauninsa daga nan.

Tarko na biyu ya fi ɓoyuwa. 'Yan kimiyya sun fito da Turanci fiye da 'yan sashen Hausa nesa ba kusa ba. Kafin ta ce sashe ne sanadi, sai ta koma ta saurari abin da aka tattauna. Ashe 'yan kimiyya hirar ɗakin gwaje-gwaje suka yi, su kuwa 'yan Hausa hirar bikin wata ƙawarsu. Bambancin na iya zama na abin da ake magana a kai. Maganin shi ne a sake zama, a jefa wa rukunin biyu zance iri ɗaya, jarrabawa da abinci da labarin gida, a kwatanta kowanne da ɗan'uwansa.

A ƙarshe ta kiyaye bakinta wajen yanke hukunci. Mutum 12 a makaranta ɗaya ba su ne ɗaliban Nijeriya ba. Abin da za ta iya cewa da ƙarfi shi ne tsarin da ta gani, da wuraren da aka karya shi. Jumla uku da suka saɓa wa dokar "yi" ta kawo su ɗaya bayan ɗaya, ta faɗi wanda ya furta da halin da ake ciki, domin wataƙila raha ake yi ko kwaikwayon wani.

Wanda ba shi da halin naɗin murya na iya juyawa ga saƙonnin zauren WhatsApp na ajinsu, bayan ya nemi yardar 'yan zauren. An huta da wahalar rubutawa, amma an rasa lafazi, kuma wayar kan gyara kalmar Hausa ta mai da ita Turanci ba da son mai rubutu ba. Wanda kuma ke da hanyar zuwa Maraɗi ko Damagaram na da damar kwatanci mai kyau, domin a can Faransanci ne baƙon. Hausar da ta ba Nijeriya "likita" ita ta ba Nijar "lokotoro". Ɗalibin da ya naɗi hira awa uku a Katsina da awa uku a Maraɗi, garuruwan da tafiyar 'yan sa'o'i ce ta raba, zai iya duba ko aikatau na Faransanci ma sai ya jingina da "yi" kafin a ba shi wurin zama.